Jan Alƙalami a Takardar Gwajin Bitamin D: Wa Ke Buƙatar Magani, Wa Ke Asarar Kuɗinsa?

Takardar da ɗakin gwaje-gwaje ke miƙa wa mutum bayan an ɗebi jininsa ba ta da yawan magana. Akwai sunan gwajin, wanda ake rubutawa 25(OH)D ko 25-OH Vitamin D, akwai lamba, sai wani ɗan jadawali a gefe da ke raba mutane kashi uku: masu ƙarancin sinadarin, waɗanda nasu bai cika ba, da waɗanda nasu ya wadatar. Idan lambar ta faɗo ƙasa da layin da ɗakin gwajin ya shata, sai a buga ta da jan tawada ko a manna mata harafin L. Daga nan mutane da yawa kemis suke zarcewa, tun likita bai ga takardar ba.

Abin da takardar ba ta faɗa shi ne, layin nan mutane ne suka shata shi, kuma har yau kan masana bai haɗu a kan inda ya kamata ya tsaya ba. Wasu ɗakunan gwajin ma suna nan riƙe da layin da waɗanda suka ƙirƙiro shi suka riga suka janye.

A ɗauki misalin mata biyu, kowacce lamba 24 ce a takardarta. Ta farko ma'aikaciyar banki ce mai shekara talatin da 'yan kai, ta je asibiti ne saboda yawan gajiya. Ta biyu matar aure ce da ke zaune a bene, ba kasafai take fita ba, idan ta fita ma a lulluɓe take cikin mota, ta haihu uku a jere, tana shayar da jariri ɗan wata takwas. Ita ciwon ƙugu da na ƙwauri ya kai ta. An ja wa dukkansu jan layi. Amma a gaban lambar ta farko an rubuta ng/mL, a gaban ta biyu kuma nmol/L, kuma a nan hanyoyinsu suka rabu.

Ma'auni biyu ne ake amfani da su a duniya. Amurka da ƙasashen da ke bin tsarinta suna auna wa da ng/mL, Birtaniya da wasu ƙasashe da dama kuma da nmol/L. A Nijeriya ana cin karo da duka biyun, ya danganta da na'urar da ɗakin gwajin ya saya ko inda ya aika jinin. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka lambar ng/mL sau biyu da rabi, sai a sami nmol/L. Ke nan 24 ɗin ma'aikaciyar banki daidai yake da 60 a ɗaya ma'aunin. Na mai shayarwa kuwa, idan aka raba shi da biyu da rabi, bai ma kai 10 ng/mL ba. Ɗaya tana cikin wadata a ra'ayin yawancin hukumomin lafiya, ɗaya kuma tana cikin ƙarancin da ke iya tausasa ƙashi. Duk wanda ya karanta lamba bai dubi harufan da ke gabanta ba, bai karanta sakamakon ba tukuna.

To daga ina layukan suka fito? A ƙarshen shekarar 2010, Cibiyar Harkokin Likitanci ta Amurka ta fitar da wani babban rahoto bayan kwamitinta ya bi diddigin binciken da aka yi kan lafiyar ƙashi. Hukuncinta shi ne, wanda ya gaza 12 ng/mL yana cikin haɗarin ƙaranci na gaske, wanda ke tsakanin 12 da 20 mai yiwuwa nasa ya ishe shi mai yiwuwa kuma bai isa ba, wanda ya kai 20 kuwa ya wadatu. Akwai wani abu a cikin rahoton da aka daɗe ana yi wa gurguwar fahimta. Ba cewa aka yi kowa sai ya kai 20 ba. Cewa aka yi 20 ta ishi kusan kowa, wato mutum 97 zuwa 98 cikin ɗari, har da waɗanda jikinsu ya fi na kowa buƙata. Rabin jama'a 16 ko ƙasa da haka ta ishe su. Sai aka ɗauki rufin buƙata aka mayar da shi daɓe, nan take miliyoyin masu ƙoshin lafiya suka koma marasa lafiya a takarda.

A 2011 ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta ƙara ɗaga layin. Ta ce ƙasa da 20 ƙaranci ne, 21 zuwa 29 bai cika ba, sai an kai 30 ake kiran shi wadata. Ɗakunan gwaji a faɗin duniya suka kwafi wannan jadawali, kuma shi ne ya ja wa ma'aikaciyar bankin nan jan layi. Shekara goma sha uku bayan haka, a 2024, ƙungiyar ta fitar da sabuwar ƙa'ida, ta ce ba ta ƙara tsayawa kan layin 30 ba, domin gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna amfaninsa ba. Ta ƙara da cewa babu dalilin yi wa mutum mai lafiya gwajin bitamin D haka kawai, ko da baƙar fata ne ko mai ƙiba. Takardun gwaji dai ba su da saurin sauya kaya, shi ya sa tsohon jadawalin yake ta yawo.

Abin da ya sa aka ja da baya shi ne manyan gwaje-gwajen da aka yi a tsakanin waɗannan shekaru. An daɗe ana lura cewa masu ƙarancin bitamin D a jini sun fi kamuwa da ciwon zuciya, ciwon daji, ciwon suga da baƙin ciki mai tsanani. Sai aka zaci ƙarancin ne ke jawo cutar. A Amurka aka gudanar da wani gwaji mai suna VITAL, inda aka raba mutum 25,871 gida biyu: wasu suna shan 2,000 IU kullum, wasu suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta, har sama da shekara biyar. Da aka buɗe sakamako, masu shan bitamin ba su fi sauran tsira daga ciwon daji ko bugun zuciya ba. A 2022 aka fitar da sakamakon karayar ƙashi daga wannan gwajin, nan ma babu bambanci. Bayanin da ya fi zama a hankali shi ne, sau da yawa rashin lafiyar ce ke rage bitamin, ba akasin haka ba. Marar lafiya yana kwance a ɗaki ba ya ganin rana. Mai ƙiba kuma kitsen jikinsa ne ke riƙe sinadarin, sai ya ragu a jini.

Sai dai a yi wa VITAL adalci: yawancin waɗanda suka shiga cikinsa ba masu ƙaranci ba ne, matsakaicin lambarsu ta kai wajen 30 tun kafin a fara. Gwajin ya amsa tambayar ma'aikaciyar banki, wato ƙari a kan wadata ba ya ƙara komai. Bai ce uffan ba game da mai shayarwar da lambarta ba ta kai 10 ba.

Ita ce ke buƙatar a tsaya a kanta. Babban aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotso sinadarin kalsiyam daga abinci. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, kalsiyam kaɗan ne ke shiga jini, kuma jiki ba ya lamuntar haka, domin zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki. Sai wasu ƙananan ƙullutai huɗu da ke cikin wuya su ƙara fitar da homon ɗin da takardar gwaji ke kira PTH, shi kuma ya shiga kwaso kalsiyam daga ƙashi. A hankali sabon ƙashin da jiki ke ginawa ya kasa yin tauri. A babba, wannan laushin ƙashi yana zuwa da ciwo mai nauyi a ƙugu, gadon baya, haƙarƙari da ƙwauri, wanda ke ƙaruwa idan an danna wurin. Yana kuma raunana naman cinya, har mace ta ga ba ta iya miƙewa daga zaman tahiya sai ta dafa ƙasa, hawa bene ya zama aiki, tafiyarta ta koma rangaji. Irin wannan ciwo ne ake ta sha wa maganin sanyi ko na kashe zafi shekara da shekaru.

Likitan da ya san aikinsa ba zai tsaya kan lamba ɗaya ba. Zai nemi a auna kalsiyam da fosfet, da wani sinadari da ake rubutawa ALP, da PTH idan da hali, ya kuma duba lafiyar ƙoda. Idan ALP da PTH sun hau alhali bitamin D yana ƙasa, ƙashin ya fara biyan bashi ke nan. Zai kuma tambayi dalili. Rashin shiga rana shi ne kan gaba, amma akwai wasu. Magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin, fenobabiton da kabamazefin suna sa hanta ta yi saurin ƙone bitamin D, haka ma rifamfisin da ake sha don tarin fuka, da efabirenz na masu cutar ƙanjamau. Ciwon hanta, ciwon ƙoda da cututtukan hanji masu hana tsotsar maiƙo su ma suna jawo shi. Wanda aka ba magani ba a gano dalili ba, bayan 'yan watanni zai koma gidan jiya.

Maganin da aka saba bai wa babba mai ƙaranci na gaske zango biyu ne. Zangon farko na cike gurbi ne: ƙwaya ɗaya mai 50,000 IU sau ɗaya a mako, na tsawon mako shida zuwa takwas. Zango na biyu na riƙewa ne: tsakanin 800 da 2,000 IU kullum. Ana so a sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, domin a cikin mai yake narkewa. Mai ciki da mai shayarwa likita ne zai daidaita musu adadi, galibi ta hanyar ƙaramin kashi na kullum. Yana da kyau a auna kalsiyam bayan kamar wata guda, amma ba a sake gwada bitamin D kansa sai bayan wata uku, domin lambar a hankali take hawa kafin ta tsaya wuri ɗaya. Wanda ya koma gwaji bayan mako biyu kuɗinsa kawai ya zubar. Ƙarfin jiki yakan fara dawowa cikin makonni, ciwon ƙashi kuwa yana iya ɗaukar watanni.

Jaririn da ke bayanta ma yana cikin lissafi. Nonon uwa, duk albarkarsa, bitamin D kaɗan ne a cikinsa, balle uwar da nata ya ƙare. Shi ya sa yarjejeniyar da likitocin yara na duniya suka cimma a 2016 kan cutar laushin ƙashin yara ta ce a riƙa ɗiga wa kowane jariri 400 IU kullum har ya cika shekara, ba tare da jiran gwaji ba.

A nan akwai darasin da Jos ta koya wa duniya. Yaro mai gwamammun ƙafafu ko masu lanƙwasa kamar baka, mai kumburarren wuyan hannu, mai jinkirin tafiya, ba baƙo ba ne a asibitocin Arewa, kuma abin ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, tunda rana ba ta yi wa yankin rowa ba. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka wallafa gwajin da suka yi wa yara 123 masu wannan cuta. An ba wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. Waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin, kusan shida cikin goma suka warke. Na bitamin D kaɗai ba su kai biyu cikin goma ba. Abincin yaran ne matsalar: hatsi da yawa, madara kusan babu, kalsiyam ɗin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne kacal. Saboda haka uwar da ta ga ƙafar ɗanta tana lanƙwasa ta sayo masa ruwan bitamin D kaɗai, mai yiwuwa ta bar jaki tana dukan taiki. Yaron yana buƙatar likita ya duba shi, kuma nono da kindirmo da ƙananan kifin da ake ci har da ƙashinsu suna cikin maganinsa.

Ba wai rana ta raba Afirka da ƙarancin bitamin D ba. An auna jinin Masai da Hadza na Tanzaniya, masu wuni a fili, aka tarar matsakaicinsu ya kai 46 ng/mL, duk da baƙar fatarsu. Amma wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a sassan nahiyar, wanda aka wallafa a 2020, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku bai kai 20 ba, kuma abin ya fi yawa a birane da tsakanin mata da jarirai. Ranar da ke sama daban, wadda ta taɓa fata daban. Gilashin taga da na mota suna tare ɓangaren hasken da ke haɗa bitamin, tufafi ma haka. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da farar fata kafin ta haɗa adadi ɗaya. Ɗumin sanyin safiya kuma, duk daɗinsa lokacin hunturu, ba shi da ƙarfin wannan haske sai hantsi ya ɗaga sosai. Tsakar gida irin ta dā, inda mace ke daka da wanki da shanya hannuwanta a buɗe, tana yin aikin da falo mai labule da na'urar sanyaya ɗaki ba ya yi. Abinci kuwa ɗan taimako ne: kifi mai maiƙo irin su sadin da taitus, gwaiduwar ƙwai, hanta, da madarar gari ko bota da aka ƙara wa sinadarin.

Hausawan da ke zaune a Birtaniya lissafinsu daban ne. Daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta iya haɗa bitamin D a fata, shi ya sa tun 2016 hukumomin lafiyar ƙasar suke shawartar kowa ya sha 400 IU kullum a waɗannan watanni, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma duk shekara.

Ma'aikaciyar banki fa? Lambarta ba ta bayyana gajiyarta ba. Na'urorin gwajin kansu suna saɓawa: jini ɗaya idan aka kai shi ɗakuna biyu, ana iya samun tazarar 'yan maki, wanda ya isa ya tsallakar da mutum daga wannan gida na jadawali zuwa wancan. Haɗarin da ke gabanta shi ne ta rungumi jan layin nan a matsayin amsa, a bar neman ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin mata masu al'ada, ko matsalar maƙoƙo, ko suga, ko rashin barci, ko damuwa. Idan ta ga dama ta sha ƙaramin kashi na 600 zuwa 1,000 IU kullum tunda wuni take a ofis, ba zai cutar da ita ba, amma kada ta sa ran zai sauya mata rayuwa. Ƙwayar 50,000 ba tata ba ce.

Masu tsakanin 12 da 20 su ne ke kan iyaka, kuma a nan halin mutum ya fi lambar nauyi. Tsoho mai raunin ƙashi, mai ciki, mai shan maganin farfaɗiya, wanda ba ya fita ko kaɗan, duk sun cancanci kashin kullum. Matashi mai ƙarfi da ba ya jin komai, ƙarin fita rana da gyaran abinci na iya isar masa. Ƙa'idar 2024 ta ware rukuni huɗu da ta ga ya dace su sha ko ba gwaji: yara daga shekara ɗaya zuwa sha takwas, masu ciki, waɗanda suka kai shekara 75, da waɗanda sugansu ya hau har suna dab da kamuwa da ciwon.

Yawansa kuma yana da illa, domin ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi a kitse. Iyakar da aka gindaya wa babba mai sha da kansa ita ce 4,000 IU a rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ƙwayar mako a riƙa haɗiya kullum, wato fiye da ninki goma sha biyu na iyakar, ko a gama mako takwas a ci gaba da saye wata da watanni. Wani kuma yana haɗa kwalba uku, ta bitamin D, ta kalsiyam da ta tarin bitamin, bai san kowacce na ɗauke da sinadarin ba. Wasu kwalaben da mcg suke rubutawa, kuma 1 mcg daidai yake da 40 IU, ke nan 25 mcg shi ne 1,000 IU. Idan abin ya yi yawa kalsiyam ne ke cika jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, ruɗewa, daga baya tsakuwar ƙoda ko lalacewarta. Ko kafin a kai nan, babban kashi lokaci ɗaya ba alheri ba ne. A Ostireliya an gwada bai wa tsofaffin mata 500,000 IU sau ɗaya a shekara, sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna sun fi waɗanda ba a ba su ba faɗuwa da karaya. Mai tarihin tsakuwar ƙoda, ko ciwon ƙoda, ko wanda aka taɓa ce wa kalsiyam ɗinsa ya hau, kada ya fara sha sai da izinin likita. Rana kuwa ba ta jawo wannan guba, domin fata na daina haɗawa idan ta kai iyakarta.

Duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, ya fara duba ko gwajin 25(OH)D ne, domin akwai mai kama da shi, 1,25(OH)2D, wanda ke iya fitowa daidai ko ma sama a jikin mai ƙaranci. Sannan ya dubi ma'aunin. Idan lambar ta kai 20 ng/mL ko 50 nmol/L, a nemi dalilin gajiyar a wani wuri. Idan ta gaza 12 ng/mL ko 30 nmol/L, a kai takardar wurin likita kafin a kai ta kemis.